Yadda Ake Bai Wa Yaro Maganin Zazzaɓi a Ranar Allurar Rigakafi

Iyaye mata suna yawan tambayata ko kafin allura ake bayar da farasitamol ko bayanta, musamman lokacin allurar Penta, mai kariya daga cututtuka biyar, ta mako 6, 10 da 14.

1. Kada ki ba shi maganin kafin ku tafi asibiti. Bincike ya nuna cewa yin hakan yana iya rage ƙarfin kariyar da jikinsa zai samar, kuma yana ɓoye zazzaɓin da ya kamata ma'aikaciyar lafiya ta gani.
2. Ki shayar da shi lokacin da ake allurar, domin nono yana rage masa raɗaɗi.
3. Da kun dawo gida, ki auna zafin jikinsa.
4. Idan ya kai digiri 38, ko ƙorafi ya hana shi barci, ki ba shi farasitamol gwargwadon nauyinsa, kamar yadda ma'aikaciyar ta gaya miki.

Hattara: a nan ake yawan kuskure. Ki auna da sirinjin maganin, ba da cokalin shayi ba, kuma kada ki wuce sau 4 a awa 24. Asfirin kuwa ba na yara ba ne.

5. Ki kai shi asibiti nan take idan ya yi jijjiga, ko ya ƙi kama nono, ko zazzaɓin ya wuce kwana 2, domin wataƙila ba allurar ce ta jawo shi ba.