Yadda ake aika wa ƙaramin kamfani imel na farko har a samu amsa

Mai ƙaramar sana'a yakan duba imel ɗinsa a waya, a tsakanin aiki da aiki, kuma idan bai san sunan wanda ya aiko ba, abin da ya gani a layin farko ne zai sa ya buɗe ko ya goge. Saƙon da ake amsawa shi ne wanda ya je hannun mai yanke hukunci, kuma ya taɓo wata matsala da mutumin ya san tasa ce. Za mu bi aikin da misali ɗaya: mai gyaran shafukan intanet yana neman aiki a wurin wani shagon kafinta da ke karɓar odar kujeru da kabad ta shafinsa.

Fara da kamfanoni ashirin, kada ka wuce haka a zagayen farko. Su kasance iri ɗaya, kamar shagunan kafinta da ke da shafi, domin abin da ka koya a kan na farko zai yi maka amfani a kan na goma. Ka ba kowanne minti goma zuwa goma sha biyar. Abin da kake nema shi ne wata taƙamaimiyar matsala da ka gani da idonka, wadda kuma aikinka ke magancewa. A misalinmu, mutumin ya buɗe shafin shagon a waya, ya cike fom ɗin neman farashi, sai ya ga maɓallin aikawa ya ɓuya a ƙarƙashin hoto, ba ya dannuwa. Wannan shi ne dalilin rubuta saƙon. Shagon da ka duba ba ka ga komai ba, ka tsallake shi. Idan ka matsa sai ka rubuta masa, abin da zai fito shi ne saƙon gama-gari, irin wanda ake gogewa ba a karanta ba.

Sai neman mutumin da ya dace. A kamfanin da ma'aikatansa ba su wuce goma ba, mai wurin ne kusan kullum ke yanke shawarar kashe kuɗi, don haka shi za ka nema. Idan sun kai talatin ko hamsin, akan samu manaja ko wani da aka ɗora wa harkar talla, kuma shi ne ciwon ya fi damu. Sunan yakan fito a shafin da kamfanin ya ba da tarihinsa, ko a LinkedIn, ko a ƙasan amsoshin da ake ba masu yaba kamfanin ko kuka da shi a Google Maps, inda mai wurin kan sa hannu da sunansa. Ƙasashe da yawa suna da rajistar kamfanoni da kowa zai iya dubawa. A Birtaniya, alal misali, Companies House na nuna sunayen daraktoci kyauta.

Samun suna ya fi samun adireshi sauƙi. Ka fara da shafin kamfanin kansa, har da takardun farashi da suka ɗora, domin adireshin mutum kan maƙale a ƙasansu. Wannan binciken a Google yakan tono shi, idan ka sa sunan shafinsu a madadin na misali:

```
site:example.com email
```

Idan ka samu adireshin ma'aikaci ɗaya, ka ga tsarin da suke bi, wato ko sunan farko kaɗai suke sawa kafin alamar @, ko suna haɗa shi da na mahaifi. Daga nan za ka iya hasashen na mai wurin, amma kada ka aika wa hasashe biyar lokaci guda da fatan ɗaya zai dace. Kowane adireshin da babu shi zai dawo maka da saƙon kuskure, galibi mai lamba `550 5.1.1`, kuma yawan irin wannan dawowar yana sa masu kula da akwatunan imel su ɗauke ka a matsayin mai watsa saƙonnin banza. Akwai manhajojin tantance adireshi, sai dai suna da iyaka: wasu kamfanoni sun saita akwatinsu ya karɓi duk abin da aka aiko da kowane suna, a nan manhajar ba za ta iya tabbatar maka da komai ba.

Kada ka raina adireshin `info@`. A babban kamfani rijiya ce, abin da ya faɗa ba ya fitowa, amma a shagon mutum uku sau da yawa mai wurin ne da kansa ke buɗe shi. Ka rubuta can, ka sa sunansa a gaisuwa. Hanyar da ta fi kowace sauƙi kuma mutane ke ƙyale ta ita ce kiran waya na minti ɗaya: ka gaisa, ka faɗi sunanka, ka tambayi wane ne ke kula da shafin da kuma adireshin da za a rubuta masa. Kada ka fara talla a wayar.

Kafin ka aika ko da saƙo ɗaya, ka tabbatar naka akwatin yana da shaida. Idan kana aikawa daga adireshin da ke ɗauke da sunan shafinka, akwai saituna uku: SPF yana faɗin waɗanne na'urori ne ke da izinin aikawa da sunanka, DKIM yana sa wa saƙon hatimin da ke nuna ba a taɓa shi a hanya ba, DMARC kuma yana faɗin abin da za a yi da saƙon da ya faɗi waɗannan gwaje-gwajen. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail ke buƙatar kowane mai aikawa ya kasance yana da SPF ko DKIM. Gwajin ba wuya: aika wa kanka saƙo zuwa wani akwatin Gmail, buɗe shi a kwamfuta, zaɓi `Show original`, ka duba ko an rubuta `PASS` a gaban kowanne. Idan adireshin sabo ne, ka tsaya a saƙo goma zuwa ashirin a rana, ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ka tara mutane a `Bcc`, wato gurbin da ke ɓoye adireshin waɗanda aka aika wa.

Yanzu rubutun. Kan saƙo ya zama gajere, kalma uku zuwa shida, ya faɗi abin da ke ciki kamar yadda abokin aiki zai rubuta. Jikinsa kada ya wuce kalma ɗari. Ga na mai gyaran shafin:

Kan saƙo: Fom ɗin neman farashi a waya

“Barka da aiki, Malam wane. Yau na buɗe shafinku a waya, na cike fom ɗin neman farashin kabad, sai na ga maɓallin aikawa ya shige ƙarƙashin hoto, ba ya dannuwa. A kwamfuta yana aiki lafiya, shi ya sa wataƙila ba ku lura ba. Duk wanda ya zo ta waya ba zai iya turo muku buƙatarsa ba. Gyaran shafukan ƙananan kamfanoni ne sana'ata, kuma wannan gyaran bai fi aikin yini ɗaya ba. In turo muku hoton yadda matsalar take? Idan ba ku da buƙata, ku faɗa mini, ba zan sake damun ku ba.”

A ƙasa sai cikakken sunansa, sunan sana'arsa, lambar waya da adireshin wurin aikinsa.

Ka lura da inda saƙon ya fara. Ya fara da shagon, da abin da mai karatu zai iya ɗaukar wayarsa ya gwada cikin daƙiƙa talatin. Da zarar ya gwada ya ga gaskiya ne, ka samu amincin da shafi guda na yabon kai ba zai ba ka ba. Jimlar da ta ce a kwamfuta yana aiki lafiya tana da nata aikin, domin tana cire wa mutumin kunya, ba a nuna masa cewa sakaci ya yi ba. Wannan wuri ne da masu gwaninta da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle: sai su jero kurakurai bakwai a shafin mutum, shi kuwa wataƙila ɗansa ne ya haɗa masa shi, sai ya ji an ci masa fuska. Matsala ɗaya ta isa. Bayanin kai kuma jimla ɗaya ce tak, kuma ta zo bayan an gama maganar shagon.

Abin da aka roƙa a ƙarshe shi ne ya fi yawan kashe saƙo ko raya shi. Neman ganawar minti talatin daga wanda bai san ka ba abu ne mai nauyi, sai ya duba lokacinsa, sai ya ce zai amsa anjima, shi ke nan an wuce wurin. Tambayar da za a amsa da “e, turo” da babban yatsa ɗaya ita ce ta dace da saƙon farko. Saboda haka ma ba a maƙala hoton ko takardar farashi tun farko ba: mutane na tsoron buɗe abin da baƙo ya maƙalo, kuma matatun imel sun fi tsananta wa saƙon da ke ɗauke da kaya da mahaɗai da yawa. Kada kuma ka sa `Re:` a kan saƙon don ya yi kama da ci gaban wata hira. Yaudara ce, kuma mutum na gane ta da zarar ya buɗe.

Doka tana bin ƙasar wanda kake rubuta wa. A Amurka, dokar CAN-SPAM ta 2003 ta yarda da irin wannan saƙo, da sharaɗin kan saƙon bai yaudari kowa ba, ka sa adireshinka na gidan waya, ka ba da hanyar cewa a daina, kuma ka daina cikin kwanakin aiki goma. A Birtaniya, ƙa'idojin PECR, waɗanda suka shafi saƙonnin talla, sun bambanta kamfani mai rajista da mutumin da ke sana'a shi kaɗai da sunansa: na biyun ana ɗaukarsa kamar kowane mutum, sai da yardarsa. Wannan ya shafi ƙananan sana'o'i kai tsaye, don haka ka duba matsayin wurin tun lokacin da kake neman sunan mai shi.

Idan shiru ya biyo baya, ka jira kwanakin aiki huɗu ko biyar, ka rubuta a ƙarƙashin saƙon farko, jimla biyu ko uku, da wani abu sabo. Mai gyaran shafin zai iya cewa ya gwada a wata wayar daban, matsalar tana nan. Tuni na biyu bayan mako guda shi ne na ƙarshe. Wanda ya ce a'a, ka gode masa, ka rubuta sunansa a jerin waɗanda ba za a sake tuntuɓa ba.

Bayan ashirin ɗin sun fita, amsoshi za ka ƙirga, ba adadin waɗanda manhaja ta ce sun buɗe ba. Tun 2021 manhajar imel ta Apple ke iya ɗauko hotunan cikin saƙo da kanta, sai a ga kamar an buɗe alhali ba wanda ya karanta. Yadda abin ya lalace yakan nuna inda gyara yake. Idan saƙonni biyu ko uku sun dawo, yadda kake neman adireshi ne ke da rauni. Idan babu wanda ya dawo kuma babu amsa ko ɗaya, ka aika wa wasu akwatunan naka irin saƙon, ka ga ko `Spam` yake faɗawa. Idan ana amsa maka da “ba ni ke kula da wannan ba”, ka tambayi wanda ke kula da shi, ka rubuta masa kana ambaton wanda ya tura ka. Idan kuwa ana amsawa cikin mutunci amma ana cewa ba a buƙata, to saƙon ya isa kuma an karanta shi, matsalar da ka zaɓa ce ba ta ci musu tuwo a ƙwarya ba. A zagaye na gaba sai ka nemi wadda ke hana su samun oda, kamar fom ɗin da ba ya aikawa, ka bar maganar launin shafi ko tsufan hotuna.