Yadda Ake Taƙaita Taron Awa Biyu Da Aka Naɗa

1. Kafin ka kunna sautin, samo ajandar taron da sunayen mahalarta. Zana layuka huɗu a takarda: shawara, mai alhaki, wa'adi, da mintin da aka yi maganar.

2. Saurara a saurin 1.5x, awa biyu za su koma minti 80. Kada ka rubuta muhawara. Kasa kunne ga "mun amince", "to shi ke nan" da "wa zai yi?"

3. Duk inda ka ji alamar yanke shawara, koma baya minti biyu ka saurara a hankali. A nan aka fi yin kuskure: wani ya kawo shawara, mutum biyu suka ce madalla, sai mai rubutu ya ɗauka an zartar, alhali shugaba bai rufe maganar ba. Misali, a minti 35 an ce za a sayi kujeru 50, a minti 98 ma'aji ya ce kuɗin 30 kawai ke akwai, aka yarda. Ta ƙarshen za ka rubuta.

4. Kowane aiki a ɗora shi kan mutum ɗaya. "Kwamiti zai duba" aiki ne marar mai shi.

5. Mayar da "mako mai zuwa" ko "bayan Sallah" zuwa takamaiman kwanan wata, kana lissafi daga ranar taron. In ba a ambaci wa'adi ba, rubuta "ba a sa rana ba", ka tambayi shugaba.

6. Nuna wa shugaba ya tabbatar, sannan ka tura wa mahalarta cikin awa 24, a shafi ɗaya.