Kurakuran da aka fi yi wajen karɓar fansho da wuri a Amurka

Kuskuren da na fi ji a bakin 'yan uwanmu mazauna Amurka shi ne: "Bari in fara karɓa tun ina da shekara 62, idan na kai 67 za a cika mini." Ba a cikawa. A tsarin Social Security, wato fanshon gwamnatin Amurka, ragin da aka yi maka ranar da ka fara karɓa yana bin ka har ƙarshen rayuwa.

Dalilin kuwa lissafi ne. An tsara abin ne yadda jimillar kuɗin mai matsakaicin tsawon rai za ta zo kusan ɗaya, ko da wuri ya fara ko a makare. Wanda ya yi gaggawa zai karɓa na watanni masu yawa, don haka ake rage masa rabon kowane wata.

Ɗauki wanda aka haifa a 1960 ko bayanta. Cikakken fanshonsa sai a shekara 67, mu ce dala 2,000 a wata. Idan ya fara a 62, za a yanke kashi 30 cikin ɗari, ya koma dala 1,400. Idan ya haƙura ya wuce 67, ana ƙara masa kashi 8 kan kowace shekara, a 70 ya samu dala 2,480. Ƙarin shekara-shekara na tsadar rayuwa ma ba ya toshe giɓin, tunda a kan ragaggen kuɗin ake lissafa shi.

Wasu kuma shekara biyar ɗin farko kawai suke hange. Gaskiya ne, mai farawa a 62 ya riga ya tara dala 84,000 kafin ɗan uwansa mai jira har 67 ya ga ko sisi. Amma daga nan kowane wata ana wuce shi da dala 600, kafin su cika 79 an kamo shi. Wanda lafiyarsa ta yi rauni, ko ba shi da abin sakawa a tukunya, ya karɓa da wuri, ba laifi.

Abin da ya fi damuna shi ne a manta da uwargida. Idan miji ne mai babban fansho kuma ya riga ta rasuwa, abin da za a riƙa ba ta ya dogara da lokacin da ya fara karɓa. Gaggawarsa ta rage mata, haƙurinsa ya ƙara mata.

In ka riga ka fara, akwai gyara. Cikin wata 12 na farko kana iya janye buƙatarka da fom SSA-521, sau ɗaya a rayuwa, amma sai ka mayar da duk abin da aka biya ka. In lokacin ya wuce, da ka kai 67 ka nemi a dakatar da biyan, ƙarin kashi 8 ɗin ya riƙa hawa. Kada dai jiran ya wuce shekara 70, domin daga nan ba a ƙara komai.