Darasi: Yogot da Furobayotik, Shin Suna Tsayar da Gudawa?

A cikin hanjin kowane mutum akwai ƙwayoyin halitta masu amfani, waɗanda ido ba ya gani. Furobayotik su ne irin waɗannan ƙwayoyi da ake sha da ransu, ko dai a ƙwayar magani ko a abinci mai tsami kamar yogot. To suna maganin gudawa? Sai mun fara sanin abin da ya kawo gudawar.

Mu ɗauki yaro ɗan shekara 2 da likita ya ba antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, saboda ciwon kunne. A kwana na uku bayan gidansa ya zama ruwa-ruwa. Maganin ne ya haɗa da ƙwayoyin hanji masu amfani ya kashe. A nan ne furobayotik suka fi nuna aiki. Da masana suka tattara gwaje-gwajen yara a shekarar 2019, sun ga cewa cikin yara 100 masu shan antibayotik kaɗai, kusan 19 sun yi gudawa. Cikin 100 da aka haɗa musu da furobayotik, kusan 8 ne suka yi. Amma a lura, rigakafi ne: tun farkon shan maganin ake farawa, kuma a bar tazarar kamar awa 2 tsakaninsu. Galibin gwajin da wasu nau'o'i na musamman aka yi shi, masu yawan ƙwayoyi. Kofin yogot bai zama lallai ya yi wannan aikin ba, balle wanda aka dafa bayan ya yi tsami, domin zafi ya riga ya kashe ƙwayoyinsa.

Gudawar da ke zuwa farat ɗaya da amai kuwa, labarinta daban ne. A 2018 an yi manyan gwaje-gwaje biyu a Amurka da Kanada, da yara sama da 1,800. Waɗanda suka sha furobayotik ba su riga sauran warkewa ba. Abin da ke ceton yaro shi ne ruwan gishiri da sukari na fakiti, a narka yadda aka rubuta, a ba shi bayan kowace gudawa. Sai zinki, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14. Jaririn da bai kai wata 6 ba, miligiram 10. A ci gaba da shayarwa da ba da abinci. Yogot abinci ne mai kyau a wannan lokaci, amma kada a zauna jiran ya tsayar da gudawar. In an ga jini a bayan gida, ko idanu sun faɗa, ko yaro ya kasa sha, a tafi asibiti nan take.

Game da kumburin ciki, hujjar cewa furobayotik na taimakawa ba ta da ƙarfi. Abu ɗaya dai tabbatacce ne: wanda madara ke kumbura wa ciki ya kan fi jure yogot, saboda ƙwayoyinsa na taimakawa wajen narkar da sukarin madara.

Bakwaini da mai raunin garkuwar jiki, kada a ba su furobayotik sai da izinin likita, don ƙwayoyin na iya shiga jininsu.