Darasi na Shida: Karanta Taswirar Yanayi Don Sanin Zuwan Ruwa da Iska

Kafin ka duba komai a jikin taswirar yanayi, fara neman kwanan wata da lokacin da aka rubuta a gefenta. Yawanci za ka ga lamba kamar 06 UTC, wato ƙarfe shida na safe a agogon da masu hasashen yanayi na duk duniya ke aiki da shi. Mayar da wannan lokaci zuwa na agogonka. Wanda ya ɗauki taswirar jiya yana zaton ta yau ce, duk lissafinsa zai ɓaci.

Iska tana da nauyi, kuma tana danna ƙasa. Ana auna wannan matsi da hektofaskal, wanda ake rubutawa hPa, matsakaicinsa kuwa a bakin teku 1013 ne. Siraran layukan nan masu lanƙwasa da ke cike da taswira su ake kira aisoba. Kowane layi ya haɗa wuraren da matsinsu yake ɗaya, kuma a taswirori da yawa bambancin layi da na kusa da shi 4 ne: 1000, 1004, 1008, haka. Inda layukan suka yi zobe aka sa harafin L a tsakiya, matsi ya yi ƙasa, iska na hawa sama tana yin sanyi, gajimare na haɗuwa. Inda aka sa H, matsi ya yi yawa, iska na saukowa ne, galibi sama garau take.

Tazarar layukan ita ke nuna ƙarfin iska. Idan sun matsu da juna, iska za ta yi ƙarfi, idan kuma sun yi nesa da juna, za ta lafa. Amma iskar ba ta tafiya kai tsaye daga H zuwa L, domin juyawar duniya na karkatar da ita. Kusan tana bin layukan ne, tana ɗan ratsa su zuwa wajen L. A arewacin ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu arewa da kudu, iska tana zagaya L saɓanin hannun agogo, a kudanci kuma tana bin hannun agogo.

Kauraran layuka masu launi su ne iyakar da iska mai sanyi da mai ɗumi ke karo, nan ne kuma ruwa ya fi sauka. Shuɗi mai ƙananan kusurwoyi kamar haƙoran zarto goshin iska mai sanyi ne. Ja mai rabin da'ira goshin iska mai ɗumi ne. Gefen da alamomin suka fuskanta, can layin ya dosa. Mai ɗumi yana hawa kan sanyi a hankali, shi ya sa ruwansa ke farawa tun layin bai iso ba, ya daɗe yana zuba ba ƙarfi. Mai sanyi kuwa yana kutsawa ƙarƙashin iska mai ɗumi ya ɗaga ta da sauri, sai a sami ruwa mai ƙarfi na ɗan lokaci, wani sa'in da tsawa.

Ga misali. A ce garinka yana arewacin ikwaita, nesa da ita. Taswirar 06 UTC ta nuna L mai lamba 992 arewa maso yamma da kai, da shuɗin layi kilomita 400 yamma da garin, haƙoransa na kallon gabas. Taswira ɗaya ba za ta gaya maka saurinsa ba, don haka nemi ta awa 12 da suka wuce. A can layin yana kilomita 880. Ke nan ya ci kilomita 480 cikin awa 12, wato 40 a kowace awa. Raba 400 da 40, ka sami awa 10: sa ran isowarsa wajen 16 UTC. Kafin nan iska za ta riƙa busowa daga kudu maso yamma, matsi na sauka. Da layin ya wuce za ta juyo daga arewa maso yamma, matsi ya fara hawa, gari ya yi sanyi. Sannan duba bayan layin. In aisoba sun matsu a can, ɗaukewar ruwa ba za ta kawo lafawar iska ba, kuma wannan ne mutane suka fi mantawa.

Kada ka riƙe ƙarfe 16 ɗin kamar alkawari. Tsaunuka na rage wa layin gudu, kuma idan iskar da zai ɗaga busasshiya ce, yana iya wucewa da guguwa da gajimare kawai ba ɗigon ruwa. Ka ba lissafinka sararin awa biyu ko uku gaba da baya, ka sake aunawa da zarar sabuwar taswira ta fito.

Kusa da ikwaita wannan hanya ba ta aiki sosai. Bambancin matsi a can kaɗan ne, karkatarwar da juyawar duniya ke yi kuma ta yi rauni, saboda haka iska ba ta bin aisoba. Masana kan zana layuka masu kibiyoyi da ke nuna inda iska ta dosa, sai a nemi ruwa a inda kibiyoyin ke taruwa kuma iskar na ɗauke da laima.