Darasi na Tara: Kiran bidiyo da tsohuwar laftof

Wata ɗalibarmu a ajin yamma, sakatariyar ƙungiyar mata masu sayar da dankalin turawa ce a kasuwar Farin Gada da ke Jos. Duk ƙarshen wata sukan yi taro ta Zoom da abokan cinikinsu na Abuja. Laftof ɗinta ta hannu ce, ɗanta ya saya mata a kasuwar Taminus. Kullum kukanta ɗaya: "Malam, sabis ɗin unguwarmu ba shi da kyau. Da an fara taro sai hoto ya sandare, murya ta riƙa tsinkewa kamar rediyon da batirinsa ya mutu." Har ta sauya layi sau biyu. Da ta kawo laftof ɗin aji muka duba, sai muka tarar ba ruwan sabis. Kwamfutar ce kaya ya yi wa yawa.

Tire da rumbu

Kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu. Akwai babban, wanda ake kira hadis, inda hotuna da takardu suke kwana ko an kashe ta. Wannan kamar rumbu ne. Akwai kuma ƙaramin, wanda masu gyara suke kira ram, shi kuma kamar tiren mai talla ne: duk abin da ake aiki da shi yanzu, a kansa yake zaune. Tiren ɗalibarmu gigabait 4 ne, kuma Windows 10 kaɗai yakan cinye wajen rabinsa tun ba a buɗe komai ba.

Idan tire ya cika, kwamfuta ba ta tsayawa. Sai ta riƙa kwashe wasu kaya tana kai su rumbu, in an buƙace su ta koma ta ɗauko. Tsohon hadis mai faifai a ciki yana da nawa ƙwarai in an gwada shi da ram. A rubutun wasiƙa wannan jeka-ka-dawo ba ya damun kowa. Amma kiran bidiyo ba ya jira, domin hoto da murya suna shigowa suna fita a kowace daƙiƙa. Ko ɗan jinkiri aka samu, sai fuskar mutum ta tsaya cak da baki a buɗe.

A fara ganin mai laifi

Kafin ku zagi kamfanin waya, ku danna waɗannan maɓallai uku tare:

```
Ctrl + Shift + Esc
```

Wata taga za ta buɗe mai suna Task Manager. In ta fito ƙarama, ku danna More details a ƙasanta. A sama za ku ga kalmomi huɗu, kowace da lamba: CPU, Memory, Disk, Network. Memory shi ne tiren da muke magana. Disk shi ne rumbu. CPU kuwa shi ne ma'aikacin da yake sarrafa kayan.

A laftof ɗin ɗalibarmu, tun ba a shiga taro ba, Memory yana kan 91%, Disk kuma yana ta taɓa 100% yana saukowa. Duk inda kuka ga waɗannan biyun sun hau tare, to tire ya cika, ana ta zirga-zirga zuwa rumbu. Akwai wata alamar da ba ta buƙatar lamba: ku danna wani abu ko ku ja wata taga gefe. In ita ma tana jan ƙafa, ciwon na cikin gida ne. In kuwa komai yana tafiya sumul a kwamfutar, hoton mutanen can ne kawai yake tsayawa, kuma Memory bai wuce 70% ba, sai ku tuhumi sabis. Wannan darasin ba zai warkar da raunin sabis ba, sai dai rage nauyin hoto da za mu zo kansa yakan taimaka masa shi ma.

Sauke kaya

Ku danna kalmar Memory ɗin kanta sau ɗaya. Jerin zai shirya kansa, mafi ci ya hau sama. A wurinta Chrome ne sarkin ci, da shafuka 11 a buɗe, ya riƙe megabait 900 da ɗoriya. Ta ce ai ba ta kallonsu. Haka ne, amma shafin da aka bari a buɗe yana riƙe da gurbinsa a kan tire ko ba a kallonsa. Bayansa sai WhatsApp na kwamfuta da kusan 300, sai Microsoft Teams da ba ta taɓa amfani da shi ba, yana tashi da kansa duk sanda aka kunna laftof.

Hanya mafi lafiya ita ce ku rufe kowace manhaja ta ƙofarta, wato alamar X, bayan kun adana aikinku. Sai wadda ta ƙi fita, ko ta ɓoye a kusa da agogo tana ci gaba da aiki, ita ce za ku danna sunanta a cikin Task Manager, ku danna End task. Ku sani End task ba ya sallama. In akwai takardar da ba ku adana ba a ciki, ta tafi ke nan.

A nan ne ɗalibai suka fi yin ɓarna, don haka ku natsu. Sunan da kuka sani, kamar Chrome ko Word, ku rufe shi ba fargaba. Sunan da ba ku sani ba, ku bar shi. Musamman kada ku taɓa duk abin da yake ƙarƙashin Windows processes, ko wanda ya fara da Service Host, ko Desktop Window Manager. Waɗannan su ne ginshiƙan ɗakin. Antimalware Service Executable kuma mai gadin kwamfutar ne; yana ci, amma cinsa halal ne. Wani ɗalibi a bara ya bi jerin yana rufewa ɗaya bayan ɗaya, har allon ya yi baƙi, sai da muka kashe muka kunna.

Da muka rufe waɗannan ukun, Memory ya sauko zuwa 56%, Disk ya kwanta. Da ta shiga Zoom ya hau zuwa 69% ya tsaya. Abin da ake nema ke nan: a bar wa kiran sarari, kada lambar ta kusanci 85% ana tsakiyar magana.

Don kada a riƙa maimaita wannan shara kullum, ku shiga sashen Startup a cikin Task Manager, wanda a Windows 11 ake kira Startup apps. Duk manhajar da kuka sani kuma ba ku buƙatar ta tashi tare da kwamfuta, ku danna ta, ku danna Disable. Ba gogewa ba ce, tana nan, sai kun kira ta za ta zo.

Rage nauyin hoto

Yanzu sai kiran kansa. Hoto a kan allo ƙananan ɗigo ne aka jera. Wanda ake kira 720p yana da ɗigo 1280 a kwance, 720 a tsaye. Shi kuma 360p yana da 640 da 360. In kun lissafa, na biyun kashi ɗaya ne cikin huɗu na na farkon. Ke nan in kun koma 360p kun sauke wa kwamfuta kashi uku cikin huɗu na ɗigon da take sarrafawa, datarku ma ta huta. Fuskarku za ta ɗan rage kaifi, amma ba wanda ya zo taron kuɗin dankali don ƙirga gashin girarku.

A Zoom, ku shiga Settings, ku nemi sashen da sunansa ya fara da Video. Ku cire alamar da take kan HD, wato hoto mai ɗigo da yawa, ku cire ta Touch up my appearance. Sannan a wajen zaɓen bango ku zaɓi None. Wannan na bango ya fi duka muhimmanci a ganina. Idan kun sa hoton ofis ko kun dusashe bayanku, dole kwamfuta ta riƙa rarrabe jikinku da ɗakin a kowane motsi, kuma tsohon CPU ba ya iya wannan wahala. Ɗalibarmu ta sa bangon ne don kada a ga buhunan da ke bayanta. Na ce mata, "Hajiya, ki rataya zane ɗaya a bayanki, ya fi sauƙi." Haka ta yi.

Da an shiga taron, ku danna View a kusurwar sama ta dama, ku zaɓi Speaker maimakon Gallery. A Gallery kwamfuta tana zana fuskoki da yawa masu motsi a lokaci ɗaya, a Speaker kuwa mai magana ne babba.

In taron na Google Meet ne, ku danna ɗigo ukun nan na ƙasa, sai Settings, sai Video. Akwai layi biyu: Send resolution, wato hoton da kuke aikawa, da Receive resolution, wato wanda kuke karɓa. Ku mayar da duka biyun Standard definition (360p). Tun da Meet a cikin burauza yake gudana, ku bar shafinsa shi kaɗai. In duk da haka murya tana tsinkewa, a layin karɓa akwai Audio only. Ku kashe taku kyamarar ma, ku kunna ta in za ku yi magana. Taron da ake jin juna ba a gani yana yiwuwa, amma wanda ake gani ba a ji ɓata lokaci ne.

In tire da sarari amma har yanzu tana tsayawa

Ku dubi CPU. In ya maƙale kusa da 100%, ko fanka tana ihu, ƙasan laftof ya yi zafi, to mai yiwuwa zafi ne yake sa ta rage gudu don ta kare kanta. Sanyin Jos ba ya hana wannan, domin ƙurar hunturu takan toshe ramukan iska. Kada ku ɗora ta a kan katifa ko filo, ku sa ta a kan tebur, ku ɗan ɗaga bayanta da littafi ba tare da toshe ramukan ba. In akwai wuta ku jona caja, saboda laftof da yawa sukan rage ƙarfi in suna kan batir.

Abu na ƙarshe da muka saba wa ɗalibarmu da shi: minti 20 kafin taro ta danna Restart, ba Shut down ba. A Windows 10 da 11, Shut down yakan adana wani ɓangare na aikin jiya don ta yi saurin tashi, Restart ne yake share tire tas. Bayan ta tashi a ba ta minti biyar har Disk ya kwanta, sannan a buɗe kiran.

Dabarun nan suna da iyaka. Laftof mai gigabait 2 da ƙyar za ta ɗauki taron mutane da yawa, gara a yi shi a waya. Mai gigabait 4 kuwa, ku shiga Performance a Task Manager, ku danna Memory, ku dubi Slots used. In an rubuta 1 of 2, da alama akwai gurbi ɗaya babu kowa. Ku kai wa mai gyara ya buɗe ya tabbatar, ya sa muku ƙarin ram irin wanda ke ciki, ta koma gigabait 8.

Aikin gida

Ku kunna laftof, ku buɗe Task Manager, ku rubuta lambar Memory a littafinku tare da sunayen manhajoji uku da suka fi ci. Ku rufe waɗanda kuka sani, ku sake rubuta lambar. Sannan ku kira wani ɗan aji na minti biyar, sau ɗaya da HD, sau ɗaya babu, kuna kallon lambar CPU. Ku zo da lambobin ranar Asabar.