Kurakuran lissafin adashi: hannu ake ƙirgawa, ba kai ba

Na gaji da ganin sababbin iyayen adashi suna zuwa mini da littafi, ido ya raina fata, wai kuɗi bai cika ba, alhali kowa ta rantse ta zuba.

Babban kuskure shi ne ƙirga mutane maimakon hannu, kuma ni ma ya taɓa cina. Adashinmu na nan Tudun Wada mu 11 ne, zubin naira 5,000 duk Juma'a. Mutum bakwai hannu ɗaiɗai suke da shi, biyu suna da hannu bibbiyu, sauran biyun kuma sun haɗa hannu guda, kowacce 2,500. Hannu 12 ke nan, wato 60,000. Wata Juma'a na ƙirga na samu 55,000, na ce ai mu 11 ne, ya cika, na ƙulle a leda na aika wa mai ɗauka. Ko sallar isha'i ba a yi ba sai ga ta da ledar, rai a ɓace. Ashe wata mai hannu biyu guda ɗaya ta kawo, ni kuwa na dangwala mata alamar biya. Sai da na cika 5,000 daga jarin atamfata, domin littafin bai nuna komai ba.

Don Allah ku daina wannan dangwalen! Alama ba ta faɗin nawa aka kawo. Ni yanzu a gaban kowane suna ina rubuta abin da ya kamata ta kawo, gefensa kuma abin da ta kawo da lamba, a gaban idon ɗan aike, kafin kuɗin ya shiga jaka.

In an samu giɓi, kada ki fara kiran mutane. Girman giɓin zai nuna miki inda za ki duba. In 2,500 ne, ɗaya daga masu rabin hannu ce. In 5,000 ne, fara da masu hannu biyu, sannan masu rabi su biyun. In 7,500 ne, mutum biyu kike nema. In kuwa ɗari ko ɗari biyu ne, galibi ladan mai tura kuɗi aka cire daga zubin.

Sai ki raba tsaba da na banki, ki tara kowanne daban. Anan ake yawan zargin mai gaskiya: ta je shagon tura kuɗi a kasuwar Sabon Gari, alat ya shigo da sunan mai shagon, ke kuma kina neman sunanta. Ni ba na rubuta an biya sai an turo mini hoton rasit, na daidaita lokacinsa da na alat.

Kada kuɗin adashi ya kwana jaka ɗaya da na ciniki. Wadda ta kawo bashin makon jiya kuma, a layin makon jiya za ki rubuta shi, in ba haka ba za ki ga na yau ya cika alhali nata bai shigo ba.